Labarin mai shago da mutumin da ke gaishe shi kullum, ƙarshen ya ƙi zama ku duba min

Rukayya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Ga wani gajeren labari da nake ta fama da shi, gasa nake so in shiga da shi kuma ƙa'idarsu kar ya wuce kalma 1500. Farkon ya kwanta min a rai amma ƙarshen ne duk yadda na juya shi sai in ji kamar ba na labarin ba ne. Ga farkon yadda yake:

"Shagon Malam Sabo a bakin layi yake a Gwammaja, ƙofa ɗaya, kanta ɗaya, sai benci a waje da aka tokare ƙafarsa da dutse. Tun safe har dare maganar da yake ji ba ta wuce a ba ni magi, a ba ni ashana, wai in ji Umma a ƙara a kan na jiya. Ƙarfe 6:30 na yamma ya ɗauko buta zai yi alwala sai ga wani mutum zai wuce, dogo, da shuɗiyar riga wadda rana ta cinye kafaɗunta, da buhu a naɗe a hammata. Bai tsaya ba. Ya ɗan juyo da kai ya ce, 'Barka da yamma, mai shago.' Malam Sabo ya ce 'Barka kadai,' ya tsaya da buta a hannu yana jiran sauran. Sauran bai zo ba. Mutumin ya sha kwana ta wajen mai faci.

Washegari ƙarfe 6:30 ya sake zuwa wucewa. 'Barka da yamma, mai shago.' Malam Sabo ya amsa. Ya sha kwana. Rana ta uku ma haka, ƙarfe 6:30, 'Barka da yamma, mai shago.'"

To haka yake ta maimaituwa har sau 5 a rubuce, sai na ce watanni suka shuɗe. Daga nan wata rana mutumin bai zo ba, aka yi sati, sai wani yaro ya kawo wa Malam Sabo wasiƙa. A ciki mutumin ya rubuta cewa shekara 20 da suka wuce mahaifin Malam Sabo ya taɓa yafe masa bashin gero lokacin da yake cikin wani hali, shi kuma kunya ta hana shi tsayawa ya yi bayani shi ya sa yake gaisuwa kawai, yanzu ga shi yana jinya ba ya jin zai tashi. Malam Sabo ya je asibiti ya tarar ya rasu. Nan na ƙare. Don Allah ku faɗa min gaskiya kar a ji kunyata.

Anti Bilki:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni dai wallahi ƙarshen ya taɓa ni, ban ga laifinsa ba. Abin da kawai zan ce ki ƙara masa kuka, wato in ya isa asibiti ki nuna mana gawar, ki nuna rigar nan shuɗiya a rataye a jikin gado. Masu karatunmu in ba ki warware musu waye mutumin ba za su ce kin ɓata musu data, na sha gani, ka yi ta rubutu shafi da shafi in ka bar abu a buɗe sai komen ya cika da "to ina ci gaban?"

Nura:
Gaskiya ku gaya wa mai shagon nan ya yi hattara. Mutumin da ba ka sani ba kullum lokaci ɗaya yana wucewa yana leƙen shagonka ba ya sayen komai, a wannan zamanin wannan infoma ne, lokacin da ake ƙirga ciniki yake karanta. Ya sanar da mai unguwa ko 'yan sintiri tun kafin a ji wani labarin.

Rukayya:
Yaya Nura ƙagaggen labari ne fa, babu Malam Sabo a Gwammaja ni na ƙirƙire shi.

Nura:
Au to. Ban karanta saman ba na fara daga tsakiya. Amma dai ko a labarin ne ai ya kamata ya zargi wani abu, ba yadda za a yi mutum mai hankali ya yi ta amsawa kawai.

Malam Habibu:
Rukayya sannu da ƙoƙari. Kar a yi wa maganar Nura dariya, ya taɓo abin da labarin ya rasa ba tare da ya sani ba, zan dawo kanta.

Bari in fara da abin da kika yi daidai, domin shi ne jarin labarin gaba ɗaya: "ya tsaya da buta a hannu yana jiran sauran. Sauran bai zo ba." Wannan jimlar ta fi wasiƙar da asibitin a haɗe. Mu a wurinmu gaisuwa ba ta zuwa ita kaɗai. In na ce miki ina wuni kika ce lafiya lau, dole akwai ya gajiya, ya mutan gida, ga mai shago kuma ya kasuwa, ya ce da godiya, a ce Allah ya kawo ciniki ya ce amin, sannan shi ma ya juyo da tasa. Ko ba a yi duka ba ana yin biyu ko uku. To mutumin da ya jefo guda ɗaya tak ya wuce, kamar wanda ya miƙo maka hannu ne kana kai naka ya janye. Bai yi rashin kunya ba tunda ya gaishe ka, kuma bai ba ka damar ka san shi ba. Duk Bahaushen da ya karanta zai ji wannan giɓin a jikinsa ba sai kin yi masa bayani ba. Labarinki a cikin giɓin nan yake.

Inda matsalar take shi ne kin maimaita gaisuwar sau 5 amma Malam Sabo bai motsa ba. Na farko ya amsa, na biyu ya amsa, na uku ya amsa. Mai karatu daga na biyu ya riga ya gane, sauran ukun tsallake su zai yi. A irin wannan zubin abin da ake maimaitawa shi ne ya tsaya cak, kalmomin baƙon kar ki canza ko harafi, amma duk dawowarsa sai ya tarar da wani Malam Sabo daban da na jiya. Da yake ba ki ba shi wannan canjin a tsakiya ba shi ya sa da kika zo ƙarshe kika rasa abin rufewa, sai kika aro wasiƙa da mutuwa daga waje. Shi ya sa kike jin ƙarshen ba na labarin ba ne, don da gaske ba nasa ba ne. Uban Malam Sabo da bashin gero ba su fito ko a layi ɗaya a farko ba.

Sani Mai Shago:
Malam ka ba ni dama in sa baki tunda sana'ata ake magana, ni ba marubuci ba ne karatu kawai nake a guruf ɗin nan. Ina da shagon firobishin a Zariya. Hajiya Rukayya abin da ba ki sa ba shi ne mu masu shago gaisuwa tsoro take ba mu, wallahi da gaske nake. Wanda ya zo da kuɗinsa a hannu sallama kawai yake ya ce ba ni kaza. Amma in ka ga mutum ya zo ya jingina da kanta, ya kasuwa, ya yara, ya jikin Hajiya, an kwana biyu, ya zafin nan, to ka fara laluben littafin bashi don can za a ƙare, "dama taliya nake so leda 2 zuwa ƙarshen wata". Akwai kuma masu dabara, sai mutum ya yi sati yana gaishe ka bai nemi komai ba yana shuka sabo, ran da zai zo da buƙata ka riga ka saba da fuskarsa kunya ba za ta bar ka ka hana ba. To in ni ne Malam Sabo abin da zai fara zuwa raina kenan, wannan bashi yake wa shimfiɗa, zan ma riƙa amsawa a daƙile ina kallon wani wajen don kar ya ga fuska.

Kuma ni ma akwai wani dattijo mai tura kurar ruwa da yake min irin haka, shi "sannu da aiki" yake cewa ya wuce, bai taɓa sayen ko ashana ba. Na daɗe ina jiran ranar da zai tambayi bashi, bai tambaya ba har yau. Yanzu in ban ji shi ba sai in ga ina leƙa layi. Sunansa ma ban sani ba kuma in kika ce in tsayar da shi in tambaya ba zan iya ba, an wuce wajen, da kunya a ce sai yanzu.

Malam Habibu:
Sani Allah ya yi wa kasuwa albarka, ka ba ta rabin labarin kyauta. Rukayya ki karanta komen ɗinsa da kyau, matakan suna ciki a jere ba tare da ya shirya su ba. Farko mamaki, shi kin riga kin rubuta. Na biyu zargi, na Sani da na Nura, yana amsawa a daƙile yana jiran ranar bashi. Na uku ranar bashin ta ƙi zuwa, ya fara jin nauyin zargin da ya yi. Na huɗu ya fara jira, kuma kar ki rubuta "ya fara jira", ki nuna mana ya ƙi shiga ciki ɗauko katon ɗin sabulu saboda kar mutumin ya wuce ba ya nan, ko ya bar yarinya tsaye da naira 200 a hannu tana ta "Malam a ba ni omo" shi idonsa na kan layi. Sannan wannan maganar ta ƙarshe da Sani ya yi, cewa lokacin tambayar suna ya wuce, ita ce amsar tambayar da duk mai karatu zai yi: me ya hana shi tsayar da shi? In ba ki amsa wannan ba labarin ya faɗi, don mai karatu zai ce ai magana ɗaya ce ta raba gardama.

Zee:
Ni fa tun da na ga an ce dogo kuma da magariba kuma ba ya tsayawa na ɗauka aljani ne. Anti Rukayya ki mai da shi haka mana, a ƙarshe Malam Sabo ya tambayi mai faci ya ce shi bai taɓa ganin kowa ba. Wallahi zai ba da tsoro.

Rukayya:
Zee na yi wannan tunanin, amma ba tsoro nake so a ji ba. Abin da ya sa na fara rubuta shi, ina so a ji yadda mutum zai wuni cikin jama'a kowa na kiran sunansa amma babu wanda ya zo don shi. In ya zama aljani wannan ya tafi.

Anti Bilki:
Malam Habibu na yarda da maganar matakan, gaskiya ce tsakiyar a kwance take. Amma ban yarda a cire bayanin waye mutumin ba. Ku masu nazari kuna son a bar abu a rataye, mu da muke rubutu kullum ana karantawa a waya mun san halin mutanenmu. Tun tatsuniya ma ai sai an ƙare an ce ƙurunƙus. Ki bar wasiƙarki ƙanwata, sai dai ki shuka uban tun farko, misali tsohon littafin bashin uban yana nan a ƙarƙashin kanta da wani suna da aka ja wa layi, shi kenan ƙarshen ya samu gindi.

Malam Habibu:
Hajiya Bilki wannan gyaran naki na littafin uban yana aiki, in dai za a bar wasiƙar to haka ya kamata a yi, ban musa ba. Amma ki duba abin da wasiƙar take yi wa labarin. Duk abin da ya ɗaga darajar gaisuwar a wurin Malam Sabo shi ne ita kaɗai ce maganar da ake masa a wuni wadda ba ta da alaƙa da kuɗi. In a ƙarshe aka ce ai bashi ne mutumin yake biya da baki, to Malam Sabo na mataki na biyu mai zargi shi ya yi gaskiya kenan, gaisuwar ta koma cikin littafin bashi kamar sauran. Ga kuma lissafin wuri: wasiƙa da yaro da zuwa asibiti ba za su ci ƙasa da kalma 400 ba a cikin 1500, sama da kashi ɗaya cikin huɗu, kuma duk a kan mutanen da ba mu sani ba. Sannan mutumin da ke yawo da buhu a hammata wanda kunya ta hana shi jimla biyu, shi ne zai zauna a gadon jinya ya rubuta shafi guda? Ban ce ba ya yiwuwa ba amma sai an sha wahalar gamsar da ni.

Ban ce kuma a bar mai karatu a duhu ba. Akwai bambanci tsakanin a ɓoye masa da a ba shi abin da zai gano da kansa.

Isuhu Maraɗi:
Salamu alaikum, daga Maraɗi nike bin ku. Wani ɗan abu na gani. Mu nan da wajen Katsina da Sakkwato marece muke cewa, barka da marece. In mutumen nan a cikin Kano ya ce "Barka da marece, mai shago" to duk Bakano ya san ba ɗan gari ba ne tun daga kalma ta ukku, ba sai an ce ga inda ya fito ba. Kuma yadda ta siffanta shi da buhu a hammata da riga da rana ta ci, ni ɗan cirani na gani. Mutanenmu da yawa haka suke, in an gama girbi an sa hatsi a rumbu su tafi birni, Kano ko wani wuri, dako, ga-ruwa, yankan farce, gadi, abin da ya samu. Kuma in hadari ya fara haɗuwa ba wanda ke tsayawa, ruwan shuka na sauka kowa ya kama hanyar gida, wani ko bankwana ba ya samun yi don in ka makara da shuka ka makara da shekara.

Malam Habibu:
Isuhu madalla. Rukayya ga ƙarshenki nan ya zo daga Maraɗi. Ba sai kowa ya mutu ba. Mutumin ya bayyana bayan kaka, ya ɓace da ruwan farko, wajen Mayu ko Yuni. Mai karatun da ya san cirani zai gane inda ya tafi ko ba a faɗa ba, kin ga an biya wa Hajiya Bilki buƙatarta ta wani ɓangaren. Shi kuma Malam Sabo ya sani ko bai sani ba, zai dawo ko ba zai dawo ba, wannan ya rage naki.

Wannan kuma ya kawo ni kan 6:30 ɗin da kika kafe. Kin ce kullum 6:30 yana ɗaukar buta zai yi alwalar magariba, watanni suna wucewa. A Kano rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 a Nuwamba da Disamba, amma zuwa Yuni da Yuli sai kusan 7. Wato 6:30 a Disamba an idar da salla duhu ya fara, a Yuni kuwa da sauran rana. Ko dai ki riƙe agogo ki bar haske ya canza, ko ki jefar da agogon ki riƙe kiran salla. Ni na fi son na biyun don ɗan dako ba da agogo yake tashi ba, kuma Malam Sabo ma da buta yake auna yamma. Sai ki bar yanayi ya ƙirga miki watannin a madadin "watanni suka shuɗe": gaisuwa ɗaya cikin hazo mutumin ya naɗe kai da rawani har muryar ta shaƙe, Malam Sabo yana kaɗe ƙura daga kan gwangwanayen madara, wata kuma cikin zafin bazara ana ta neman ruwan leda mai sanyi an ɗauke wuta, ta ƙarshe ranar da iska ta taso da leda a layi.

Rukayya:
Kai, Malam wallahi ban taɓa lura da maganar lokacin magariba ba sai yanzu. Malam Isuhu na gode ƙwarai. Tambayata ita ce in na sa "marece" alƙalan gasa ba za su ɗauka kuskure ba ne tunda sauran labarin da daidaitacciyar Hausa yake?

Isuhu Maraɗi:
A bakin mutum za ki sa ta ai, cikin alamar zance. Ki ma sa Malam Sabo ya lura, ko yaron da ke taya shi ya kwaikwaya yana dariya ya kwaɓe shi. Amma ki tsaya a kalma guda, kar ki ce za ki cika shi da "shina" da "mi kaka so" in ba ki iya ba, mu muna ganewa in an yi muna kwaikwayo.

Sani Mai Shago:
Wani abu kuma Hajiya, kin sa shi shi kaɗai a shago tun safe har dare. Wa ke zuwa masa Singa saro kaya? Ko dai ya rufe shago ya je da safe ko yana da yaro. In kika ba shi yaro kin samu wanda zai riƙa magana da shi, kuma akwai ranar da zai makara a kasuwa ya dawo yaron ya ce masa "mutuminka ya wuce". Ni an taɓa gaya min haka, sai da na ji wani iri, ashe har yara sun lura.

Rukayya:
To ga abin da na gwada yanzu a kan mataki na biyu da na huɗu, ku duba:

"A sati na biyu Malam Sabo ya gama karantar mutumin. Ya ga irinsu. Da ya hango shuɗiyar rigar sai ya jawo littafin bashi ya buɗe a kan kanta yadda kowa zai gani, ya sunkuyar da kai yana bin sunaye da biro. 'Barka da marece, mai shago.' Ya ce 'Yawwa' bai ɗago ba. Ya jira takun ya tsaya. Takun bai tsaya ba.

Ranar da ya makara a Singa, an kira salla yana cikin adaidaita da katon 3 a kan cinya, da ya iso Ɗanlami yana taya shi saukewa ya ce, 'Baba, ɗan marecenka ya wuce.' Malam Sabo ya ce, 'Ya yi magana?' Ɗanlami ya ce, 'Ya duba ciki, da bai gan ka ba ya tafi.' Malam Sabo ya shiga jera sabulu, ya jera ya sauke ya sake jerawa."

Anti Bilki:
To wannan kam ya yi, "ya duba ciki da bai gan ka ba ya tafi", nan na ji abu a ƙirjina. Kin ga ashe gaisuwar ta Malam Sabo ce ba ta shago ba. Amma har yanzu ina kan bakana, in ya ɓace da damina haka kawai ni a matsayina na mai karatu zan ji an yi min rowa. Ko da jimla ɗaya ce su yi da juna kafin ya tafi.

Malam Habibu:
Na biyun ya fi na farkon. A na farkon ki cire "Ya ga irinsu", buɗe littafin a kan kanta ya riga ya faɗi haka. A na biyun kuma jera sabulu a sauke a sake jerawa an sha yin irinsa a labarai don nuna damuwa, ki nemo abin da mai shago kaɗai zai yi. Sani zai fi ni sani.

Maganar Hajiya Bilki ta jimla ɗaya ban ƙi ta ba, sai dai ni zan so ta fito daga bakin Malam Sabo ba baƙon ba. Shi ne tauraron, shi ya kamata ya yi wani abu ko da ƙarami ne. Misali ya kwana yana shirin gobe zai riga shi, ko in ya amsa zai ɗora da "ya gajiya?" don ya ga ko zai tsaya. Aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta ce in an gaishe ku ku amsa da wadda ta fi ta ko ku mayar da irinta, mutum irin Malam Sabo ya san wannan tun yana yaro, zai iya zama abin da ya dame shi cewa wata da watanni "yawwa" kawai yake mayarwa. Ba sai kin kawo ayar a labarin ba, ya isa ta kasance a cikin kansa. Ko ya samu ya faɗi "ya gajiya" ɗin ko ruwa ya riga shi, nan ne ni da Hajiya za mu rabu.

Sani Mai Shago:
In hankalina ya tafi wani wuri canji nake ɓatawa, in ba mutum fiye da nasa ko in auna sukari in manta ban ƙulle ledar ba. Ki sa ya ba yarinyar nan mai omo canjin 500 alhali 200 ta kawo, ita ta dawo masa da shi.

Nura:
Ni dai har yanzu ina ganin a sa mai unguwa ko sau ɗaya, ko wani a majalisar bencin ya ce masa Malam Sabo ka san mutumin nan kuwa? Don a gaske sai an samu mai faɗar haka.

Malam Habibu:
Wannan ya shiga, Nura, layi biyu a mataki na biyu, kuma in ya zo na huɗu sai a ji Malam Sabo da kansa yana kare mutumin a majalisa alhali ko sunansa bai sani ba.

Zee:
To in ya tafi da damina a nuna ya dawo bayan kaka mana, ko wani daban ya zo da irin gaisuwar ya ce shi ya aiko shi.

Anti Bilki:
Ka ji ko, Malam? Ga mai karatu nan ta fara neman ci gaba tun ba a gama ba. Abin da nake faɗa kenan.

Rukayya:
Zan rubuta kala biyu. Ɗaya ya samu ya ce "ya gajiya" mutumin ya tsaya ya amsa kafin ya tafi, ɗaya kuma ya shirya faɗa ruwa ya sauka a daren. Wasiƙar da asibitin dai na cire su, Anti ki yi haƙuri. Yanzu ina kan kalma 900 da wani abu ban kai bazara ba, dole in rage bayanin shagon na farko. Malam Isuhu in na gama zan turo maka layukan baƙon da wajen cirani ka duba min kafin in saka a nan, musamman irin aikin da zai sa mutum ya riƙa yawo da buhu a hammata, don ni dako na sa a raina amma ban tabbata ya dace da Gwammaja da magariba ba.

Isuhu Maraɗi:
Turo. In dako ne daga kasuwa yake komawa inda suke kwana, sai ki san wace kasuwa da wane gefe ya nufa, kar ki sa shi yana tafiya baya.